Ƙorafi Kan Katin Memori Na Jabu Da Aka Sayar Mini A Matsayin Na Ainihi (Oda Mai Lamba 7714-30952)

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Ƙorafin Abokan Ciniki,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan takarda ne domin in kai ƙarar wani mai sayar da kaya a kasuwarku ta intanet, wanda ya aiko mini da katin memori na jabu bayan ya rubuta a shafin tallarsa cewa kayan na ainihi ne daga kamfanin da ya ƙera su. Ina neman ku mayar mini da kuɗina gaba ɗaya, kuma ku ɗauki mataki a kansa.

Na yi odar katin microSD mai girman 256GB ranar 3 ga Maris, na biya nan take da katin bankina, kayan suka iso hannuna ranar 9 ga wata. A shafin tallar, mai lamba 48120663, an rubuta cewa katin sabo ne a cikin kwalinsa, yana da garantin kamfani, kuma yana ɗauke da alamar U3 da V30. Wannan alama ce ta sa na zaɓe shi, domin ɗaukar hoto da bidiyo ne sana'ata, kuma ma'anar V30 ita ce saurin rubutu a kan katin ba zai gaza megabayit 30 a daƙiƙa ɗaya ba, wanda shi ne abin da kyamarata take bukata. Kuɗin da aka sa masa bai yi arahar da za ta sa mutum ya yi zargi ba, kusan daidai yake da na sauran masu sayarwa.

Da na sa katin a kyamara, ya nuna cikakken girmansa, haka ma a kwamfuta, don haka hankalina ya kwanta. Ranar 15 ga Maris na tafi da shi aikin ɗaukar taron yaye ɗalibai da aka ba ni, na yini ina ɗauka, kyamarar ta tsayar da bidiyon da kanta sau biyu, amma ban kawo komai a raina ba. Sai da na dawo da dare na zauna kwashe aikin, na tarar cewa abin da na ɗauka da safe yana buɗewa, amma duk abin da ya biyo baya sunayensa ne kawai ke nan a jere, ko ɗaya ba ya buɗewa. A ciki akwai jawabin shugaban makarantar da lokacin miƙa wa ɗalibai shaidarsu, kuma taro ne da ba za a sake shi saboda ni ba. Na mayar wa waɗanda suka ba ni aikin kuɗinsu, na ba su haƙuri, amma kunyar da na ji a gabansu har yanzu ba ta bar ni ba.

Washegari na gwada katin da manhajar H2testw, wadda take cika kati da bayanai har ƙarshensa sannan ta koma ta karanta abin da ta rubuta. Sakamakon ya nuna gigabayit 29 da 'yan kai ne kawai suke lafiya, sauran kuwa, fiye da gigabayit 200, an rubuta a gabansu DATA LOST. Saurin rubutun bai kai megabayit 10 a daƙiƙa ba. Don kada a ce laifin na'urata ne, na maimaita gwajin a wata kwamfuta da wani makarancin kati, da manhajar F3, sakamakon bai canza ba.

Ina roƙon ku lura da wannan batu sosai, domin a kansa ƙorafina ya tsaya. Katin da ya lalace a masana'anta yakan ƙi aiki ne ko ya ɓata wasu bayanai nan da can. Katin da yake faɗa wa na'ura cewa girmansa 256GB alhali 32GB ne, wani ne ya zauna ya sauya bayanan da ke cikin ƙwaƙwalwarsa da gangan, ya buga masa sunan kamfani da lambar da ba tasa ba. Mai saye ba zai gane ba sai ranar da abin da ya ajiye ya wuce ainihin girman katin, kuma mutane da yawa sai sun yi watanni kafin su kai wannan iyaka, lokacin da wa'adin mayar da kaya ya riga ya wuce. Ina ganin wannan ne dalilin da ya sa shafin tallar yake cike da yabon waɗanda suka saya, domin yawancinsu sun rubuta ra'ayinsu ne a makon da kayan suka iso. Bugu da ƙari, na aika wa kamfanin da sunansa ke jikin katin hotunansa gaba da baya, suka amsa mini a rubuce ranar 20 ga Maris cewa lambar da ke bayansa ba ta cikin lambobinsu, kuma ba za su karɓe shi a ƙarƙashin garanti ba.

Kafin in zo gare ku na tuntuɓi mai sayarwar ta akwatin saƙonninku. Da farko ya ce ban iya amfani da katin ba ne, in goge shi in sake gwadawa. Da na tura masa sakamakon gwajin, sai ya ce zai mayar mini da rabin kuɗina idan na yarda ba zan rubuta ra'ayi mara kyau a shafinsa ba. Ban karɓa ba, kuma ba zan karɓa ba. Duk wannan zance yana nan a ajiye a tsarinku, kuna iya dubawa.

Saboda haka ina neman ku mayar da duk abin da na biya, har da kuɗin aike, zuwa katin bankin da na yi biyan da shi. Ba na son a ba ni takardar rangwame ko a ajiye mini kuɗin a asusuna na kasuwar, ba na kuma son a canza mini da wani kati daga hannun wannan mutum. Game da mayar da kayan, a shirye nake in aiko muku da katin da kwalinsa idan ku za ku bincika da kanku kuma ku ɗauki nauyin aiken, amma ba zan mayar da shi hannun mai sayarwar ba, domin shi ne hujjata, kuma ba ni da tabbacin cewa ba zai sake liƙe shi a kwali ya sayar wa wani ba.

Ina kuma neman ku sauke wannan talla ba tare da jinkiri ba, domin a safiyar yau da na duba tana nan, kuma shafin yana nuna an sayar da fiye da guda 400. Ya kamata ku dakatar da shagon har sai kun binciki sauran katunan da filas ɗin da yake sayarwa, ku kuma sanar da waɗanda suka riga suka saya, tun da ku kaɗai ne kuke da sunayensu, don su kwashe bayanansu kafin abin da ya same ni ya same su. Ban san wannan mutum ba, amincewar da na yi da sunan kasuwarku ce ta sa na biya shi.

Na haɗo da rasit ɗin oda, hoton shafin tallar kamar yadda yake ranar da na saya, hotunan katin da kwalinsa, sakamakon gwaje-gwajen biyu, da amsar kamfanin. Ina jiran amsarku a rubuce cikin kwana 7 daga yau, tare da lambar da kuka ba wannan ƙorafi da bayanin matakin da kuka ɗauka a kan shagon. Idan wa'adin ya cika ban ji daga gare ku ba, zan nemi bankina ya janye biyan, kuma zan miƙa waɗannan takardu ga hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya.

Na gode.

Naku,
Mai asusun da aka yi oda mai lamba 7714-30952
24 ga Maris