Tsarin darasin motsa jiki na zagaye: aji biyu na ƙaramar sakandare, ɗalibai 40

Malam Nasiru, ga tsarin da za mu bi ranar Talata a darasin farko, kafin rana ta yi zafi. Minti 40 ne: 8 na ɗumama jiki, 5 na nuna atisayen, zagaye biyu na minti 10 kowanne da hutun shan ruwa na minti 3 a tsakani, sai 4 na ƙarshe a sassauta jiki.

Zango takwas ne, yara biyar a kowanne. Daƙiƙa 45 ana aiki, in an busa usur sai daƙiƙa 30 na matsawa gaba. Kada ka ware masu ƙarfi gefe guda, raunana gefe guda, don yaron da aka sa a rukunin raunana ya gama karaya tun kafin a fara. A gauraya su. A kowane zango kwali zai nuna mataki uku, kore, rawaya da ja, yaro ya zaɓi nasa, kuma yana iya sauyawa a zagaye na biyu.

1. Tsallen igiya: kore ba igiya, rawaya da ƙafa biyu, ja ƙafa ɗaya bayan ɗaya.
2. Tura jiki da hannuwa: a jikin bango, a kan gwiwa, ko a kan yatsun ƙafa.
3. Zauna-ka-miƙe: a kan benci, ba benci, ko riƙe da gorar yashi. Tsallen kwaɗo na horo ba ya ciki.
4. Dogara da gwiwar hannu a tabarma, baya a miƙe: daƙiƙa 15, 30 ko 45.
5. Je-ka-dawo na mita 10: tafiya da sauri, sassarfa, ko gudu.
6. Jefa ƙwallo a bango a cafe, daga taku biyu, huɗu ko shida.
7. Hawa dakali da sauka. Mai ja ya ɗaga gwiwa sama.
8. Tsayuwa da ƙafa ɗaya: dafe da bango, ba dafawa, ko ido a rufe.

Na jera su ne yadda ƙafa za ta huta yayin da hannu ko ciki ke aiki, saboda haka kada a sauya jerin.

Kai ka tsaya tsakanin zango na 2 da na 4, can ne baya ke lanƙwashewa. Kyawawa biyar sun fi karkatattu ashirin, ka riƙa faɗa musu haka. Ni ina tsakiya da agogo da usur.

Yara biyu masu sikila su tsaya a kore, gorar ruwansu a kusa, su huta duk sanda suka so ba sai sun nemi izini ba. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa. In an tashi da ƙurar hunturu, mu koma babban ɗakin taro, zango na 5 ya zama gudu a wuri ɗaya.