Sanarwar Ɗage Taron Lafiyar Dabbobi na Garwa

Garwa, Litinin, 2 ga Nuwamba 2026

Zuwa ga iyayenmu ardo-ardo da sarakunan shanu, Alhazai da Hajiyoyi masu kiwo, dillalai da mahauta, ma'aikatan lafiyar dabbobi, da ƙannenmu ɗalibai, duk wanda ya yi rajistar halartar taro.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalai da dukiya.

Muna sanar da ku cewa taron da muka shirya a kan cututtukan shanu da awaki da tumaki, wanda aka sa ranar Asabar 14 ga Nuwamba 2026 a zauren da ke unguwar Filato, ba zai yiwu a wannan rana ba. An ɗage shi zuwa ranar Asabar 16 ga Janairu 2027, a zaure guda, da ƙarfe 9 na safe in Allah ya kai mu. Don Allah kada kowa ya kamo hanyar Garwa saboda taron nan a watan Nuwamba.

Dalili shi ne babban baƙonmu, Dakta, wanda zai taso daga Njamena ya gabatar da jawabin taro, an yi masa aiki a ƙugu a ƙarshen watan jiya. Alhamdu lillahi aikin ya yi kyau, yana gida cikin iyalinsa, har ya fara takawa da sanda. Sai dai likitocinsa sun hana shi doguwar tafiya har tsawon mako 6, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Kuseri zuwa Marwa, daga nan ya miƙo Garwa, ya san ba hanyar da za a ɗora dattijo mai sabon ɗinki ba ce. Da izininsa muka faɗi wannan, domin ya ce gara mutane su ji gaskiyar magana daga bakinmu da su ji ƙishin-ƙishin a kasuwa. Yana gaishe ku, yana kuma neman addu'arku. Muna roƙon a ɗan sassauta masa kiran waya a makonnin nan. Mai saƙon dubiya ya ba mu, za mu isar.

Kwamiti ya zauna ranar Asabar da ta wuce, kuma ba a tashi da wuri ba. Wasu daga cikinmu sun ce a nemo wani likitan ya maye gurbinsa, tunda Garwa ba ta rasa masana ba: ga ma'aikatar LANAVET nan a Bokle, inda ake haɗa alluran rigakafin dabbobi, ga kuma likitocin da ke yawo rugage kullum. Wasu kuma suka ce a haɗa shi ta bidiyo ya yi magana daga ɗakinsa. Duka shawarwarin biyu an auna su da kyau, kuma ba don raina kowa ba muka ajiye su.

Abin da ya rinjaye mu shi ne abin da kuka rubuta da hannunku, ko kuka sa aka rubuta muku, a takardar rajista. A cikin mutum 212 da suka yi rajista, mafi yawa sun ajiye tambaya, kuma tambayoyin ba irin waɗanda ake amsawa daga kan takarda ba ne. Wani ya ce ya yi wa garkensa allurar ciwon huhu amma bayan wata biyu saniya uku suka kwanta, yana so ya san ko allurar ce ta lalace a hanya ko dama cutar tana jikinsu. Wata Hajiya mai kiwon tumaki ta tambayi yadda za ta bambanta maganin tsutsa na gaske da jabu a kasuwa. Da yawa sun yi tambaya a kan sammore, da yadda maganin da suka saba da shi ya daina yi musu aiki kamar da. Irin wannan sai an zauna ido da ido, mai tambaya ya faɗa, a sake tambayarsa, ya ƙara bayani. Dakta yana jin Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa, ba ya bukatar tafinta tsakaninsa da makiyayi, kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin allurar bushiya tun yana saurayi, cutar da aka tabbatar a shekarar 2011 cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Mutumin da ya ga yadda aka ci ƙarfin wannan annoba da idonsa, shi ya dace ya gaya mana yadda za a yi da annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, wadda ƙasashen duniya suka ɗaura niyyar gamawa da ita zuwa 2030. Da sunansa muka gayyace ku, saboda shi kuka biya kuɗinku. Mun ga ba daidai ba ne ku baro Adumri ko Gidar ko Lere, ku zo ku tarar da wani abin dabam, ko kuwa allo yana yankewa a tsakiyar amsa.

Batun sabuwar rana ma an tattauna shi. Hutun da aka ba Dakta zai ƙare kafin tsakiyar Disamba, amma ƙarshen shekara lokaci ne na cunkoso a ajans-ajans na mota, masauki ya yi wuya, 'yan'uwanmu Kirista kuma suna hidimar Kirsimeti. In muka wuce Janairu kuwa, azumi na tafe a farkon Fabrairu, kuma ba ma so mu tara mutane wuni guda da baki a bushe. Shi ya sa aka tsaya a kan 16 ga Janairu. Mai zaure ya amince ya mayar mana da ajiyarmu zuwa ranar ba tare da ƙarin ko sisi ba, Allah ya saka masa da alheri, kuma za mu sabunta takardar sanar da taro a wurin hukuma a kan lokaci. Ranar Talata 15 ga Disamba, bayan Dakta ya koma ganin likitansa, za mu sake aiko muku da saƙo na tabbatar da ranar. Shawararmu, kada a sayi tikitin mota ko a kama ɗaki kafin wannan saƙon ya iso.

Sai maganar kuɗi, wadda muke so kowa ya fahimce ta sarai. Kuɗin rajista, sefa 5,000 ga kowa da sefa 2,000 ga ɗalibai, yana nan a ajiye cikin asusun kwamiti, ba a taɓa na kowa ba. Wanda sabuwar ranar ta yi masa, ba sai ya yi komai ba: sunansa na nan, rasit ɗinsa na farko shi zai shigar da shi zaure. Wanda ba zai samu zuwa ba amma yana so ɗansa ko makiyayinsa ko abokin sana'arsa ya zo a madadinsa, sai ya turo mana sunan mutumin mu canja. Wanda kuma yake son kuɗinsa, haƙƙinsa ne, ba ma tambayar dalili, kuma cif za a mayar masa. Kuɗin cirewa kwamiti ne zai ɗauka. Mai son kuɗinsa ya sanar da mu kafin Litinin 30 ga Nuwamba, za a tura masa cikin mako guda ta hanyar da ya biya, Orange Money ko MTN MoMo, zuwa lambar da kuɗin ya fito daga cikinta. Waɗanda suka biya hannu da hannu su zo ofishinmu na Yelwa da rasit, daga Litinin zuwa Alhamis, tsakanin ƙarfe 9 na safe da azahar. 'Yan'uwanmu na Chadi da suka biya ta hannun wakilinmu na Lere, a wurinsa za su karɓa. Masu sayar da magani da dusa da gishirin lasa da suka kama rumfa a kan sefa 15,000, su ma wannan tsarin ya shafe su.

A nan akwai gargaɗi. Duk lokacin da aka ce za a mayar da kuɗi, 'yan damfara kan ji ƙamshi. Babu wani ɗan kwamiti da zai kira ku ya nemi lambar sirrin asusunku, ko ya ce ku turo wani abu kafin a sakar muku naku, ko ya ce an yi kuskuren turo muku kuɗi ku mayar. Wanda ya ji haka ya kashe wayar, ya neme mu a lambar da ke jikin rasit ɗinsa. Matasa, ku karanta wa iyayenku wannan sashe da kyau.

Mun san akwai waɗanda asararsu ta wuce kuɗin rajista. Wasu sun riga sun sayi tikiti, mutum biyu ma daga Yawunde sun shirya hawo jirgin ƙasa zuwa Ngaundare sannan su biyo mota. Kwamiti ba shi da ƙarfin biyan kuɗin tafiyar kowa, ba kuma za mu yi alkawarin abin da ba mu da shi ba. Abin da za mu iya shi ne ba duk mai bukata takarda mai hatimi, da Faransanci, da ke nuna an ɗage taron, don ya kai ajans ko masauki ko wurin aikinsa ya nemi a canja masa rana. Waɗanda muka kama wa ɗaki da kanmu kuwa mun riga mun warware, babu bashi a kansu.

Abu na ƙarshe Dakta ne da kansa ya nace a saka shi cikin wasiƙar nan. Taro ya jira Janairu, amma dabba ba za ta jira ba. Yanzu damina ta ɗauke, an fara cire amfanin gona, garkuna za su gangara bakin Binuwai da wajen Lagdo, su haɗu a mashaya ɗaya da dabbobin da ba a san daga inda suka fito ba, kuma nan ne cuta ke tsallakawa daga garke zuwa garke. Wanda bai yi wa shanunsa allurar ciwon huhu ta bana ba, ko bai taɓa yi wa awaki da tumakinsa ta PPR ba, ya nemi ma'aikacin dabbobi na yankinsa tun kafin tashi. Allurar PPR guda ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara 3, da sharaɗin an riƙe ta cikin sanyi har lokacin da za a yi ta, don haka a kula da wanda ya zo da kwalba a aljihu cikin rana tsaka. Dabbar da aka sayo daga kasuwa a ware ta gefe na ɗan lokaci kafin a gauraya ta da sauran. In kuma aka ga zawo da majina da gyambon baki sun kama awaki da yawa a lokaci ɗaya, a kai rahoto nan take, kada a kora su kasuwa.

Tambayoyin da kuka rubuta mun tattara su, za mu aika wa Dakta idan ya ƙara samun ƙarfi, domin ya zo da shirinsa. Wanda wata sabuwa ta taso masa kafin Janairu, ya turo ta a rubuce ko da murya, da Hausa ko Fulatanci ko Faransanci, za a haɗa.

Iyayenmu masu sarauta da aka gayyata, wakilan kwamiti za su zo gaisuwa har gida cikin makon nan su yi bayani da baki, kamar yadda ya dace. Sauran jama'a kuma, muna roƙon duk wanda wasiƙar nan ta same shi ya isar da ita ga na ruga da waya ba ta kamawa a wurinsu, musamman ranar Lahadi a kasuwar Pitowa, da kuma kasuwar shanu ta Adumri, kada wani ya yi tattaki a banza.

Ku yi haƙuri da wannan canji. Allah ya ba Dakta lafiya mai ɗorewa, ya tsare mana dukiyarmu, ya nuna mana ranar da rai da lafiya.

Wassalam.

Naku,
Sakataren kwamitin shirya taro,
a madadin Shugaba da sauran 'yan kwamiti,
Yelwa, Garwa.