Bayanin cikon kuɗin babban ɗaki

Assalamu alaikum, Alhaji, barka da hutawa. Ni ce na karɓe ku ɗazu a teburin baƙi. Na ga kamar maganar cikon kuɗin nan ba ta kwanta maka ba, ga layi ya yi tsawo a lokacin, shi ya sa na ce bari in rubuto maka a tsanake.

Ɗakin da ka kama naira 35,000 ne kwana ɗaya. Wanda Hajiya ta leƙa a sama, mai lamba 14, naira 50,000 ne. Cikon 15,000 ke nan. Sai harajin kaya na gwamnati, kashi 7.5 cikin ɗari, wato 1,125, wannan ba aljihunmu yake shiga ba. Kowane kwana zai kama 16,125, kwana ukun kuma 48,375.

Gaskiya, ranka ya daɗe, mafi yawan kuɗin nan na wuta ne. In an ɗauke wuta da rana, ba ma tayar da babban janareta sai ƙarfe 6 na yamma, saboda man dizal da yake sha. Ɗakunan ƙasa fanka kawai suke samu kafin nan. Na sama kuwa an haɗa su da sola da wani ƙaramin janareta, na'urar sanyaya ɗaki ba ta tsayawa dare da rana, firji ma haka. Ka dai san zafin Bauchi a watan Afrilu: in azahar ta yi, katifa kanta kamar an shanya ta a rana.

Ban da wuta, akwai falo da kujeru inda za ka ga baƙi ba tare da sun shiga uwar ɗaki ba. Gadon ya fi faɗi, banɗakin da ruwan zafi, kuma kullum ana canza zanin gado da tawul. Karin kumallo na mutum biyu yana ciki, shayi da burodi da ƙwai, ko waina da miya in an faɗa mana tun dare. Abincin rana da na dare da wanki ba sa ciki, kada a yi rashin fahimta ranar tafiya.

Ba dole ba ne fa. Na ji kana cewa gobe Yankari za ku wuni. In haka ne, ka bari sai jibi ka koma sama, ka biya cikon kwana ɗaya kawai, don ba amfanin biyan sanyin da ba ku sha ba. Amma in Hajiya da jaririn za su zauna a ɗaki, ni dai da na ce ku koma yau.

Na riƙe muku ɗakin har bayan sallar isha'i. In ka amince, ka yi taransifa ko ka biya a tebur, in aiko yaro da makulli da rasit ya kwashe muku kaya.