Ma'aunin Makin Nahawu a Insha'i: Aji Biyu na Babbar Sakandare, Zango na Uku

Zuwa ga malaman Sashen Hausa masu duba takardun jarrabawa.

Insha'in bana maki 40 ne, nahawu da ƙa'idojin rubutu na da 10 a ciki. A zangon jiya takarda ɗaya ta sami 3 a hannun wani malami, ta sami 8 a hannun wani, saboda na farko duk abin da jan birosa ya taɓa sai ya rage maki. Daga yanzu tambaya ɗaya za mu yi wa kowane kuskure: ya sauya ma'ana ko ya karya ginin jimla? In e, babba ne. In mai karatu ya wuce ba tare da ya yi tuntuɓe ba, ƙarami ne.

BABBAN KUSKURE: a ja layi biyu, a sa "B" a gefe, a rage maki 1.

1. Saɓanin jinsi ko adadi: "yarinyar ya tafi", "motan Audu", "riga ne", "yara ya zo". Nan a fi sa ido. Wasu ɗalibanmu sun tashi da karin harshen da bai cika bambance namiji da mace ba, amma Daidaitacciyar Hausa ake jarrabawa, kuma ita za su tarar a WAEC da NECO.

2. Rikita lokaci, musamman bayan "da", "wanda" ko kalmar tambaya: "mutanen da sun zo" maimakon "suka zo", "me kana yi?" maimakon "me kake yi?"

3. Korewa mai ƙafa ɗaya: "bai zo makaranta jiya."

4. Jimlar da aka fara ba a dire ta ba: "Lokacin da muka isa tasha da yamma."

5. Barin lanƙwasa inda kalmar ta koma wata: kafa da ƙafa, baki da baƙi, fada da faɗa, kasa da ƙasa. Wanda ya rubuta "baki sun cika gidan" ya faɗi abin da bai nufa ba.

ƘARAMIN KUSKURE: layi ɗaya, a sa "Ƙ". Kowane huɗu maki 1, kada ragin ya wuce maki 3 ko da sun kai ashirin.

Raba abin haɗewa ko haɗe abin rabawa: "ya na" (yana), "yace" (ya ce), "shine" (shi ne), "za'a" (za a). Barin lanƙwasa inda babu ruɗani, kamar "daya" ko "karshe". Mance waƙafi, ƙaramin baƙi a farkon sunan gari, harafin da alƙalami ya tsallake.

Sai dai a lura: rabawa kan zama babban kuskure idan ta taɓa ma'ana. "Ma su gida" a wurin "masu gida" ya shiga sahun B.

ABIN DA BA A RAGE WA MAKI

Karin harshe a bakin ɗan wasa cikin alamar zance. Idan ɗalibi ya sa tsohon Basakkwace ya ce "shina zuwa", gwaninta ce, a yaba masa. Haka kuma ƴ a madadin 'y, don ɗalibanmu da suka fara karatu a Maraɗi haka aka koya musu, kuma haka ake rubutawa a Nijar.

MAIMAITAWA

Kuskure ɗaya a kan kalma ɗaya sau ɗaya ake ƙirga shi. "Yace" goma Ƙ ɗaya ne. Amma saɓanin jinsi a kan sunaye daban-daban, kowanne da nasa B.

MISALI

"Jiya mun je kasuwa ni da yayata, sai ya sayi kaza. Kazan ya tsere, mutanen da sun gan ta su na dariya."

"Yayata … ya sayi": B. "Kazan ya tsere": B ɗaya kawai, tunda suna ɗaya ne ya jawo duka biyun. "Da sun gan ta": B. "Su na": Ƙ. An rage maki 3, Ƙ ɗin kuma yana jiran 'yan'uwansa uku.

Insha'in da bai kai kalma 150 ba, cikin 300 da aka nema, a duba nahawunsa a kan maki 5, kada mai gajeren rubutu ya ci ribar ƙarancin kuskure. Maki ba ya sauka ƙasa da sifili, kuma ba a cin bashi daga makin jigo ko na tsari.

Kowa ya rubuta adadin B da Ƙ a ƙasan takarda, misali "B3, Ƙ6 = 6/10". Abin da aka yi shakka a kansa a sa masa alamar tambaya da fensir, mu duba tare ranar Laraba da ƙarfe 11 a ofishin sashe. Kowa ya zo da takardu biyar da ya riga ya duba.

Shugabar Sashen Hausa