Game da tayin aikin akanta

Assalamu alaikum, Alhaji. Barka da war haka.

Na ga takardar tayin aikin akanta a ofishinku na Sabon Gari, na gode ƙwarai. Sai dai albashin ne nake roƙon a sake dubawa.

Kun sa N180,000 a wata. Na tambayi abokan sana'a uku masu irin wannan aiki a nan Zariya, kowannensu yana karɓar kusan N230,000. Bambancin N50,000 ne a wata, a shekara kuwa N600,000 cif, kuɗin hayata a Tudun Wada har da canji.

Shekara 6 nake wannan aiki. In za a mayar da shi N220,000, ranar Litinin zan sa hannu in sha Allahu.

Allah ya ƙara girma.