Saƙo ga Malam mai dashen itatuwa game da lemun tsamina

Assalamu alaikum Malam, barka da yamma. Ya kasuwa, ya zafi? Ni ce Hajiyar Mabera da ta sayi dashen lemun tsami 3 da gwaiba 1 wurinka cikin watan Agusta, wadda ka ɗora wa su a keke napep ana yayyafi. Gwaibar lafiya lau take, har ta wuce ƙuguna. Lemun ne ke ba ni damuwa, kuma ina ganin kamar ba ciwo ɗaya ke damunsu ba, shi ya sa na zauna in rubuta maka dalla-dalla.

Na farko shi ne wanda munka dasa kusa da wurin wanki. Tun wajen ƙarshen Janairu sabon tohonsa ke fitowa ruwan ɗorawa. Ka lura, ba dukan ganyen ke canzawa ba: jijiyoyinsa na nan kore shar, tsakaninsu ne ke koɗewa, in ka ɗaga shi a rana sai ka ga kamar raga. Tsofaffin ganyen ƙasa ba abin da ya same su. Na makon nan da sunka fito ƙanana ne, kusan fari, bakinsu ya fara ƙonewa. Na juya bayansu ban ga ƙwaro ko ɗaya ba. Na kankare bawon reshe da farce, cikinsa ɗanye ne. Na tona gindin kamar tsawon yatsa, ƙasar a jiƙe take ko da rana tsaka, samanta kuma da wani farin busasshen abu kamar kanwa. Wari dai ban ji ba.

A nan dole in faɗi laifina. Ruwan wankin yara, da omo da komai, can yake gangarawa, ban ankara ba sai kwanan nan. Sannan da ganyen ya fara koɗewa wata maƙwabciyata ta ce in zuba toka, na zuba cikin kwano sau 2. Ni dai a idona, bayan tokar abin ya ƙaru.

Sauran biyun da ke jikin katangar yamma nasu daban ne. Ganyensu kore ne, amma a hammatar reshe da bayan ganye akwai wani farin abu dunƙule-dunƙule kamar auduga. Da na murje shi sai na ga ashe ƙwaro ne mai laushi a ciki, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ba ya tashi, da ƙyar ma yake motsi. Ganyen da ke ƙarƙashin wurin yana danƙo kamar an zuba masa ruwan sukari, wasu sun yi baƙi kamar gindin tukunya, amma baƙin yana fita in an goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kiyashi kuwa hawa da sauka suke yi wuni guda. Mako 3 ke nan da na fara gani, daga reshe ɗaya ya fara, yanzu ya kama kusan rabin itace guda ya taɓa na kusa da shi. Na jiƙa ganyen dogon yaro na yayyafa sau ɗaya, ban ga wani bambanci ba, ko da yake wataƙila ban yi shi yadda ya kamata ba.

Ban ruwa kuwa, na bohol muke ba su, bokiti guda kowane itace da safe, tun shigowar Maris da zafi ya tsananta na ƙara wani bayan la'asar. Ƙasar gidan jigawa ce, mun haɗa ta da tsohon takin awaki lokacin dashe. Takin zamani sau ɗaya na sa, NPK 15-15-15, cikin gwangwanin tumatir ƙarami ga kowane, cikin Oktoba. Ban taɓa yi masu feshin kanti ba.

To Malam, shi na wurin wankin cuta ce ko wani abinci ya rasa? In cire shi in sauya masa wuri, ko ya yi haƙuri har ruwa ya sauka a Yuni? Ruwan da nake ba shi ya yi yawa ne? Su kuma masu farin ƙwaron, in sare reshen da ya fi kamuwa ko a'a, kuma mi za a yi wa kiyashin?

In magani za ka ba ni, don Allah ka rubuto sunansa, da murfi nawa ake sawa a lita nawa ta ruwa, da lokacin da ake fesawa cikin wannan zafin. Jikokina na wasa gindinsu kuma ina da kaji sake a tsakar gida, ka duba mini wanda ba zai cuce su ba. Ga hotuna 5 nan na turo, na ƙarshen bayan ganyen ne. In ba su fito sosai ba, ranar Asabar yarona zai kawo maka ganyen kowane cikin leda daban, da ƙasar gindin na farkon. Na gode, Allah ya ba da kasuwa.