Amsa kan takardar shaidar neman gurbin digiri na biyu

Malam Sani,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonka na neman in rubuta maka takardar shaida zuwa Jami'ar Bayero, kuma na gode da ka tuna da ni.

Sai dai ka yi haƙuri, ba zan iya ba. Sau ɗaya muka haɗu, wajen ɗaurin auren ƙanena a Zariya, gaisawa kawai muka yi. Ban koyar da kai ba, ban taɓa ganin aikinka ba. Masu tantancewa kuwa suna gane takardar da aka cika da yabon gaibu, ƙarshenta kai za ta cutar.

Ka nemi malamin da ya duba kundin digirinka na farko, shi ya san ƙwazonka.

Allah ya ba da sa'a. Ka gaida Alhaji.

Dakta Bala